Shaidar Gwaggo Sabuwa

Ban taɓa musun cewa ni na lalata allurar ba. Ni na ajiye akwatin sanyin da take ciki a bayan ƙofar sito ranar Juma'a da la'asar, ni kuma na tuna da shi ranar Litinin da safe, ina tsakiyar ɗaura ɗankwali, sai na zauna a bakin gado. Da na isa na buɗe, ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi, ɗan tambarin da ke jikin kwalaben, mai nuna ko zafi ya taɓa su, ya yi duhu. Allurar rigakafin yara arba'in da ɗaya ke nan ta tashi aiki, yaran kuma sai da suka jira mako biyu kafin a kawo wata.

Abin da ba a rubuta a takardar tuhuma ba shi ne dalilin da na ajiye akwatin. Na dawo daga zagayen ƙauyuka ke nan, ko hijabi ban cire ba, aka shigo da wata mata a amalanke, ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa. Awa uku ina kanta. Na sa mata ruwa, na yi mata allura, na danne mahaifa da hannuna, na shiga mota da ita har babban asibiti. Matar tana nan da ranta, ɗanta ma ya fara zama. A irin wannan lokaci kaina tas yake, babu abin da ke kuɓuce mini. Amma a ba ni rahoton ƙarshen wata in cike, sai in kwana tara ina zagaye shi kamar kaza da wuta.

Sunana Sailuba, shekarata talatin da takwas, sha huɗu daga ciki a ɗan asibitinmu da ke wani ƙauye bayan Illo na yi su. Takardar tuhumar nan ita ce ta uku. Ta farko ta makara ce, ta biyu ta rahoton da ya kai wata biyu a jakata. Mai kula da asibitin, Malam Badamasi, ya miƙo mini ta ukun da yatsa biyu, ya ce kwamitin ladabtarwa zai zauna a Bagudo nan da mako biyar, kuma shi dai abin da ya rubuta musu shi ne a sallame ni.

"Malam, akwai abin da nika son in hwaɗa maka," na ce.

"Mi ya rage ba ki hwaɗi ba?"

Sai na gaya masa zancen Albashir.

Albashir ɗana ne na biyu, shekararsa tara. Tun yana rarrafe ba a ga ya zauna ba. Ya faɗo daga kan rumbu, ya faɗo daga kan jakin maƙwabta, malaminsu ya karya bulala nawa a jikinsa har ya gaji ya aiko mini da shi gida. 'Yan unguwa kowa da fatawarsa. Wasu suka ce na sangarta shi, wasu suka ce alewa ce ta yi masa yawa, wata tsohuwa ta ce a nemi mai ruƙiyya. Bara na ɗauke shi muka tafi wani asibiti a Birnin Kebbi, sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, muka haɗu da wani likita mai yawan haƙuri, Dakta Ma'azu. Bayan zuwa uku da takardar da malamin ajinsu ya cike, ya ce Albashir yana da abin da ake kira ADHD, wato larurar da ke hana mutum riƙe hankalinsa a wuri ɗaya, ta kuma hana wasu zama da haƙurin jira. Ya ce ba alewa ba ce, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma rashin basira ba. Haka ƙwaƙwalwar take tun fil azal, kuma galibi a dangi take bi.

Ranar da yake karanto mini tambayoyin, yana yawan ɓatar da kaya, yana fara abu ya bari, ana masa magana kamar ba ya wurin, yana gudun aikin da ke buƙatar dogon zama, ina cewa e, e, e, har na rasa ko a kan wa nake amsawa. Wayata ma a ofishinsa na manta da ita ranar, sai da ya aiko mai gadi ya biyo ni bakin titi. Da muka koma wata na gaba na tambaye shi ko babba yana iya samun abin. Ya ce babba ba ya kamuwa da shi da rana tsaka, amma yara da yawa suna girma da shi. Hawan rumbu ne yake raguwa, ya koma ciki ya zama rashin sukuni, mantuwa da jinkiri da rashin tsari kuwa su zauna daram. Ya ce 'yan mata sau da yawa ba a ma gane su, domin ba sa damun kowa, suna zaune shiru hankalinsu yana wata duniya. Na yi dariya na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga nan ban sake tayar da zancen ba, saboda kunya.

Malam Badamasi ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya kwashe da dariya.

"Sailuba, makaranta guda munka yi. Wanga abu ciwon yara na, kuma yara maza. In sunka balaga shi wuce. Ke da kin zauna kin ci jarrabawa, kin samu takarda? Ke da na gani da idona kin yi awa ukku bisa mace guda ba ki ko ɗaga kai ba? In aikin ya yi maki daɗi ki yi, in bai yi ba ki ce ciwo. Wanga lalaci na, ki bar nema mai suna."

"In lalaci na, mi ya sa ni ka hwara zuwa in an yi haɗari?"

"Ki tambayi kwamiti. Kuma ki yi hankali, maganin da aka ba masu abin ga, da shi da ƙwayar da yara ka sha bakin iyaka duk ɗaya."

Na ji zafin maganar har cikin haƙorana. Shekara sha huɗu ina zuwa aiki da zullumi, ina rubuta abu a tafin hannu gumi ya goge, ina kwana ina zagin kaina, wani ya ce lalaci. Lalaci ai hutu ne, ni kuwa ban taɓa sanin hutu ba. Na ninke takardarsa na sa a jaka, washegari na kama hanyar Birnin Kebbi.

Dakta Ma'azu bai yi gaggawa ba, har sai da ya ba ni haushi. Ya sa aka auna jinina, aka duba maƙoshina, ya tambayi barcina, ya tambaya ko ina cikin baƙin ciki mai tsawo, ko ina shan wani abu, domin duk waɗannan suna iya kawo mantuwa. Ya ba ni takarda in kai wa mijina Bunyaminu ya cike yadda nake a gida. Bunyaminu ya cike ta yana dariya, ya ce da an ba shi tun shekarar aurenmu da ya nemi ƙarin shafi. Na mayar, likita ya karanta, ya ce saura abu ɗaya.

"Babu awon jini ko hoton kai da ke nuna larurar nan, tarihi ne ke nuna ta. Dole in tabbatar alamun sun bayyana kafin ki kai shekara goma sha biyu. In sai da kika girma suka fara, to wani abu ne daban, kuma maganinsa daban. Akwai takardun firamare?"

Ambaliya ta tafi da su tun ina budurwa.

"Mahaifiya fa?"

Ta rasu ina da shekara huɗu. Babana ma ya bi ta. Malamin ajinmu ya rasu.

"Wa ya riƙe ki?"

Na san amsar, kuma ban so ta ba. Gwaggo Sabuwa, yayar babana, ita ta riƙe ni a Illo tun daga rasuwar uwata har ta kai ni ɗakin miji. Yanzu tana zaune wurin ɗanta a Madekali, tsallaken iyaka cikin Benin, tana sayar da busasshen kifi tana mulkin unguwa da baki. Babu wanda ya san mantuwata kamarta, babu kuma wanda ya dake ni a kanta kamarta.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa Lolo, na tsallaka. Mu mutanen bakin iyaka ba mu ɗauki wannan tafiya a bakin komai ba, rabin danginmu suna can, rabin nasu suna nan. Na same ta a ƙofar gida tana jera kifi a faifai tana ciniki da Dendanci. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Lahiya? Ke da ba ki zakkuwa sai da biki ko mutuwa."

Na ce likita ne yake son ya yi mata tambayoyi a kan ƙuruciyata, kuma aikina ya rataya a kan abin da za ta faɗa. Nan na yi kuskure, na gane daga baya. Ban tsaya na yi mata bayani ba, domin wata mata ta wuce da wani atamfa mai kyau na bi ta da ido, zancen ya bi ruwa. Gwaggo kuwa ta ji kalma biyu, aiki da tambaya, ta gyaɗa kai irin na wadda ta gane komai.

"Bari in ɗauko mayahina na Makka," ta ce.

Ranar Talata muna gaban Dakta Ma'azu. Gwaggo ta zauna a kujera ta miƙe wuya, ta sha turare, carbi a hannu. Likita ya gaishe ta da ladabi, ya ce ta ba shi labarin Sailuba tana yarinya.

"Sailuba? Likita, ban taɓa riƙon ɗiya awa ta ba. Natsuwa, kunya, ladabi. In ka aje ta nan, nan za ka ishe ta."

"In an aike ta fa, takan manta?"

"Wa? Ita? Ko sau guda."

"Takan ɓatar da kaya? Littafi, takalmi?"

"Allah shi kiyaye. Allura in ka ba ta, bayan shekara ta miƙo maka abinka."

"A makaranta malamai sun taɓa kawo ƙara?"

"Sai yabo. Har gida suka zakkuwa yabo."

Na juya na dube ta baki buɗe. Matar da ta sa mini suna Shashasha-ta-Illo, matar da ta taɓa ɗaure mini takalmi a ƙugu da igiya, ita ce take rantsuwa allura ba ta ɓata a hannuna. Na ce, "Gwaggo!" Ta harare ni ta gefen ido ta ce babba yana magana. Likita ya ci gaba da rubutu, ya yi tambaya biyu, uku, amsar duk ɗaya. Daga ƙarshe ya ajiye biro ya ce mu ɗan sha iska, akwai mai jira, zai sake kiranmu kafin azahar. A fuskarsa na ga ya fahimci wani abu, amma ba zai rubuta abin da ba a faɗa masa ba.

Muna fita ƙarƙashin wata dalbejiya na fashe.

"Gwaggo, kin kashe ni! Mi nai maki?"

"Na kashe ki? Ke, ɗiyag ga, ba ki da godiya. Na baro kihina, na sha hanya, na wanke ki tas gaban mutum, ki ce na kashe ki?"

"Wa ya ce ki wanke ni?"

"To mi kika so? In kwance maki zane gaban baƙo? Namiji kuma? Da anka zo binciken aurenki, mi nac ce? Da anka zo tambaya za a ɗauke ki aiki, mi nac ce? Haka munka gada. Ɗiyar da ka riƙa, cikin ɗaki ka ka hwaɗa mata halinta, waje kau sai alheri. Marainiya kuma! A ce Sabuwa ta riƙa ɗiyar ƙanenta ta tashi shashasha?"

Sai a lokacin na gane. A wurinta duk mai tambayar halin yarinya da biro a hannu mai bincike ne, kuma amsar mai bincike ɗaya ce tun kakanni. Ta yi mini abin da ta san ana yi wa 'ya. Haushina bai tafi ba, amma ya sami abokin zama.

"Gwaggo, wanga ba biki na ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kin ce lahiyata lau ina ƙarama, likita zai ce ba abin Albashir na gare ni ba. Shi ke nan maganar Malam Badamasi ta tabbata, ni malalaciya ta, su kore ni."

"Abin Albashir? Ke ina ke ina Albashir? Wancan ɗan ko ƙadangare ya hi shi zama. Ke kau in an aje ki awa turmi."

"Jikina na zaune. Kin taɓa tambaya ina hankalina ya tahi?"

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Abu guda na, Gwaggo. Shi nashi ya hito waje, ni nawa ya tsaya ciki. Likita ya ce haihuwa ta aka yi da shi. Ba riƙonki na ba. Ko wa ya riƙe ni haka zan tashi."

"Ba riƙona na ba?"

"Ba shi na ba."

Ta daɗe tana kallon wasu mata da ke shanya zannuwa a bayan ɗakin marasa lafiya. Da ta yi magana muryarta ta sauka.

"To dukan da nay yi maki hwa?"

Ta tashi ta kakkaɓe mayafin Makka, ba ta jira an kira mu ba, ta tura ƙofar likita da kanta.

"Likita, ɗazu ƙarya nay yi maka, Allah shi gahwarta mani. Ɗauki bironka."

Ta yi kusan awa tana magana. Ta faɗi ranar da ta aike ni sayen daddawa da hantsi, aka same ni da la'asar a wurin masu sassaƙa jirgin ruwa, na zauna ina kallo, kuɗin a hannuna sun jiƙe da gumi. Ta faɗi ƙoren da na bari ruwa ya tafi da su, ta faɗi tuwon da ya ƙone ina zaune a gaban tukunyar, idona a kai. Ta ce takalmi bakwai na ɓatar a aji uku. Ta ce malamin ajinmu ya zo gida, ba yabo ya kawo shi ba, cewa ya yi yarinyar nan tana da kai amma kullum tana kallon taga, kuma in ta tashi jarrabawa sai ta haɗiye littafi a kwana biyu ta ci. Ta ce har dabara ta yi mini, in za ta aike ni sai ta ƙulla bakin zanena, ƙulli ɗaya saƙo ɗaya, abin da za a kai kuma ta ɗaure shi a ciki.

"Ya yi aiki?" likita ya tambaya.

"In na ɗaure abin ciki, shina kaiwa. In ƙulli na banza, sai ta dawo ta tambaye ni na mi na." Ta share ido da bakin mayafi. "Ubanta ma haka yake. Ya taɓa tahiya kasuwar Kamba da jaki ya dawo ƙasa, ya manta da jaki ya zo. Munka yi ta dariya. Ni kau na dake ta, likita. Na dake ta ƙwarai. In duka na magani, da wagga ita ta hi kowa natsuwa ƙasar Kabi."

Shekara talatin ina jiran wani ya faɗi wannan, kuma da aka faɗa ban ji daɗin da na zata ba, tausayinta na ji.

Dakta Ma'azu ya rubuta mini takardar shaidar larurar a zuwa na gaba. Ya gaya mini ƙarara cewa takardar ba ta wanke ni daga laifin allurar ba, tana dai faɗin abin da ke damuna da abin da zai taimaka. Ya ce akwai magani, yana taimakon mutane da yawa, kuma in likita ne ya rubuta yana bibiya, ba ruwansa da shaye-shayen bakin iyaka. Sai dai samunsa a nan yana da wuya, kuma sai ya ga yadda hawan jinina yake kafin mu fara. Kafin nan muka zauna muka tsara abubuwa: ƙararrawa a waya, jerin aiki manne a ƙofar sito a daidai ido, rahoto a cike shi kullum layi biyar maimakon a tara na wata, akwatin allura kuma kada a rufe asibiti sai mutum biyu sun sa hannu cewa ya koma firji.

Bunyaminu ya so in ɓoye takardar. Ya ce hatimin sashen ƙwaƙwalwa ne a kai, gobe a ce matarsa ta taɓu, a daina kawo mini yara. Na ce an riga an ce malalaciya, an fara raɗe-raɗin ƙwaya, in za a kira ni da wani suna gara a kira ni da na gaskiya. Gwaggo, wadda ta ƙi komawa Madekali sai ta ga ƙarshen zancen, ta ce masa ya bar ni.

Safiyar zaman kwamiti gidanmu ya kacame. Albashir ya ɓatar da takalmi ɗaya, ya hau katanga nemansa, na ɗora shayi na manta, mai kabu-kabu yana ta hon a waje. Ina fita Gwaggo ta jawo ni ta baya ta ce gyalena ya karkace, ta yi 'yan gyare-gyarenta ina ta ƙorafin zan makara, ta tura ni.

Mutum uku ne a teburin, shugabarsu wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, Hajiya Fatiha, mai tabarau a kan hanci. Malam Badamasi yana gefe da fayil. Ya karanta laifuffukana ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara ba, bai rage ba. Hajiya ta ce ina da magana?

Na ce ina da takardar likita. Na buɗe jaka. Na ga cajar waya, na ga ɗayan takalmin Albashir, na ga rabin biredi. Na zazzage jakar a kan teburinsu. Babu takarda. A raina na hango ta sarai a kan firjin gida, inda na ajiye ta jiya domin kada in manta.

Malam Badamasi bai yi dariya ba, ya dai buɗe hannuwa ya dubi Hajiya.

"Kun gani da idonku. Wai ciwon yara na gare ta, takardar ma ta ɓata."

Kunya ta taso mini, irin wadda na saba haɗiyewa in ce a yi haƙuri. Ranar ban haɗiye ba, na miƙe tsaye.

"Hajiya, kun gani da idonku, gaskiya nai. Wanga shi na abin. Takardar da aikina ya rataya gare ta, na kwana ina tunaninta, na baro ta gida. Malalaci ba ya manta abin da zai cece shi. Allura ni na lalata ta, yara arba'in da ɗaya sunka jira sabili da ni, ban zo neman a ce ban yi ba. Amma Malam ya ce ciwon yara na. To yaran in sun girma ina suka zuwa? Ga guda gabanku. Ɗana shina hawan katanga, kowa ya gani ya ce a kai shi asibiti. Ni ban hau komi ba, sai anka ce hali na. Shekara sha huɗu ban taɓa rasa mai haihuwa hannuna ba, shi ma ku rubuta. In za ku kore ni, ku kore ni bisa allura. Kalmar lalaci kau ban karɓe ta ba, ba ni kuma hita da ita ɗakin ga."

Na ja gyalena in gyara, sai wani abu ya bugi gwiwar hannuna. Ƙulli ne a bakin gyalen, ta baya, an ɗaure shi tamau irin ɗaurin masu kifi. Na sa haƙori na kwance. Takardar ce, an ninke ta takwas, tana ƙanshin busasshen kifi.

Hajiya Fatiha ta karɓa ta warware ta a hankali, ta karanta har ƙasa, ta koma sama. Ta tambaye ni wa ya ɗaure. Na ce gwaggona. Ta tambayi tsarin da muka yi da likita, na zayyana mata, ta sa aka rubuta. Suka fitar da mu suka yi shawara.

Gargaɗi na ƙarshe suka ba ni, da wata shida ana duba aikina. Makullin firji zai zauna a hannuna, amma ba a rufe asibiti sai mutum biyu sun sa hannu, kuma na biyun Malam Badamasi ne da kansa. Ya ce shi dai har yanzu bai yarda babba yana wannan ciwo ba. Hajiya ta ce ba a nemi ya yarda ba, hannu aka ce ya sa.

Da na dawo gida na tarar Gwaggo ta ɗaure kayanta za ta koma, Albashir yana zagaye ta kamar ɗan akuya. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ta dubi bakin gyalena ta ga a kwance, ta dubi makullin a hannuna. Ta karɓe shi, ta zaro igiya daga cikin kayanta, ta zura, ta rataya mini a wuya kamar ina 'yar shekara takwas. Albashir ya zo da gudu ya yi karo da ita har kifi ya zube. Na ga hannunta ya ɗaga sama yadda na san shi, ya tsaya a can, sannan ya sauko a hankali ya kama bakin rigarsa.

"Zo nan, ɗan ƙadangare," ta ce. "Mi anka aike ka?"

Ya ce ya manta. Ta fara ƙulla masa bakin riga.